Ra'in Merton da 'Yan Daba: Yadda Ake Raba Maki a Jingar Ilimin Zamantakewa

A kwas ɗin da ya shafi laifi da kauce wa ƙa'ida, wanda ɗaliban sashen ilimin zamantakewa kan ɗauka a jami'o'inmu, akwai irin tambayar da ba ta tsufa: "Yi amfani da ra'in Merton ka yi bayanin matsalar daba a birnin Kano." A ce jinga ce mai maki ashirin, daga cikin maki talatin ko arba'in ɗin da ake warewa domin ayyukan cikin zangon karatu kafin babbar jarrabawa. Tambayar gajeriya ce, amma aiki uku ne a dunƙule a cikinta. Dole ɗalibi ya san ra'in, dole ya san daba, sannan dole ya haɗa su ta yadda ra'in zai fito da wani abu game da daba wanda mai shayin bakin titi, duk da sanin da ya yi wa yaran unguwa, bai riga ya faɗa ba. Aiki na farko da na biyu ba su da wuyar dubawa. Na ukun ne ke raba malamai, kuma a nan ne ake zaluntar ɗalibai ba da niyya ba, a ba wanda bai yi komai ba maki, a hana wanda ya yi.

Kafin malami ya ɗauki jan biro, sai shi kansa ya warware ra'in zuwa gaɓoɓinsa, domin gaɓoɓin nan ne zai riƙa nema a takarda. Robert Merton Ba'amurke ne, ya wallafa maƙalar da ta ɗauki wannan ra'i a 1938, yana ginawa a kan tunanin Durkheim, masanin zamantakewa Bafaranshe, game da yanayin da ƙa'idojin al'umma ke sakwarkwacewa su daina riƙe mutane. Abin da Merton ya ce shi ne kowace al'umma tana da abu biyu. Akwai burin da take cusa wa 'ya'yanta, a Amurkar zamaninsa burin shi ne tara dukiya. Akwai kuma halastattun hanyoyin da ta yarda a bi don cim ma burin, kamar karatu da aiki da sana'a. Matsala tana tasowa ne idan aka cusa wa kowa buri ɗaya da ƙarfi, amma hanyoyin ba su buɗe wa kowa daidai ba. Wannan giɓin shi ke matsa wa wasu rukunin mutane lamba fiye da wasu.

Daga nan ya jero martani biyar. Akwai mai riƙe buri da hanya duka, shi ne yawancin mutane. Akwai mai riƙe buri amma ya yi ratse, ya bar halastacciyar hanya ya ƙirƙiro tasa. Akwai wanda ya haƙura da burin amma ya ƙanƙame ƙa'ida, kamar ma'aikacin da ya daina sa ran ci gaba amma ba ya makara ko da minti ɗaya. Akwai mai janye jiki, ya saki burin ya saki hanyar, a nan Merton ya sa mashaya da masu gararamba. Na biyar shi ne mai tawaye, wanda ya ƙi burin da hanyar, kuma yana son a kawo wasu a madadinsu.

Abu biyu a cikin maƙalar ɗalibai sukan tsallake, kuma su ne ma'aunin gane wanda ya fahimta. Na farko, Merton bai ce talauci ne ke haifar da laifi ba. Ya faɗa a fili cewa a al'ummar da aka raba mutane aji-aji, kowane aji da nasa burin, talauci kan yi yawa ba tare da laifi ya yi yawa ba, domin ba a yi wa talaka alkawarin komai ba balle a saɓa masa. Na biyu, martanin nan biyar ba halittar mutane ba ce. Mutum ɗaya yana iya yin wannan a wani fage ko a wani lokaci, ya yi wancan a wani. Duk ɗalibin da ya rasa waɗannan biyun, ko ya haddace jerin biyar ɗin tsaf, fatar ra'in kawai ya sani.

Ga yadda nake ganin ya kamata a raba maki ashirin ɗin. Maki 4 ga daidaiton bayanin ra'in. Maki 3 ga sanin misalin, wato takamaiman bayani game da daba ba zancen gama-gari ba. Maki 8 ga ɗora ra'in a kan misalin. Maki 3 ga nuna inda ra'in ya gaza ko ya yi wa misalin kaɗan. Maki 2 ga tsari da fitowar hujja. Wani malamin zai motsa maki ɗaya nan ko can, ba komai. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ba bayanin ra'i rabin makin, kamar yadda jadawalin maki da yawa ke yi, saboda kawai ya fi sauƙin ƙirgawa: martani biyar, kowanne maki biyu, an gama. Tambayar ba ta ce "jero" ba, cewa ta yi "yi amfani da". Jadawalin da ya ba hadda maki goma ya amsa wata tambaya dabam da wadda aka yi.

To mene ne ɗorawar nan da ta cinye maki takwas? A takarda, jimla ce ake nema, ko 'yan jimloli, inda gaɓa ɗaya ta ra'in ta haɗu da wani takamaiman abu na misalin, kuma ɗalibi ya faɗi dalilin da ya sa yake ganin wannan abin shi ne waccan gaɓar. Abu uku kenan: gaɓa, shaida, dalili. Idan ɗaya ya ɓace, ɗorawar ba ta cika ba. Ga tambayarmu, wurare huɗu ne ake tsammanin irin wannan haɗuwa. Mene ne burin da ake cusa wa saurayi a Kano, kuma ta ina muka sani? Waɗanne hanyoyi ne suka toshe, kuma wa suka toshe wa? Wane aiki na 'yan daba ne ya faɗa cikin wane martani? Sannan me ra'in ya ba mu damar hasashe, wato idan Merton ya yi daidai, a ina ya kamata mu fi ganin daba, a ina ya kamata ta yi ƙaranci? Kowane wuri maki biyu: ɗaya idan an haɗa gaɓa da shaida, na biyu idan an kawo dalili.

Bari mu ɗauki takardu uku na misali, irin waɗanda duk wanda ya taɓa duba jingar nan zai gane su. Ɗalibai da Turanci suke rubutawa, ma'anar maganganunsu ce zan kawo.

Takarda ta farko shafi huɗu ce, rubutu mai kyau, Turanci ba tangarɗa. Shafi biyu na farko Merton ne: shekarar da aka haife shi, jami'ar da ya koyar, martani biyar har da ɗan jadawalin nan mai alamomin tarawa da ɗebewa. Shafi ɗaya da rabi na gaba daba ce: ana ƙwacen waya, ana faɗan unguwa da unguwa, ana shaye-shaye, 'yan siyasa suna amfani da su, iyaye sun yi sakaci. Sai sakin layi na ƙarshe: "Daga abin da ya gabata, a bayyane yake cewa ra'in Merton ya yi bayanin matsalar daba a Kano, domin matasa suna shiga daba ne saboda matsin da suke ciki." Sai shawarwari ga gwamnati.

Wannan takardar ita ce mafi haɗari ga malamin da ya gaji. Idan ta zo bayan takardu goma masu wuyar karantawa, hannu da kansa yake son rubuta 16. Amma tamkar ɗinki ne da tela ya yanka jiki ya yanka hannu, kowanne ya fita da kyau, ya ninke ya miƙo ba tare da ya bi da keke ba. Akwai gwaji biyu masu sauƙi da ke tona asirin irinta. Na farko, a goge kalmar daba da Kano a ko'ina, a sa sara-suka da Bauchi, ko kalare da Gombe, ko ma satar jarrabawa. Idan sashen ra'in da sakin layin ƙarshe suka tsaya yadda suke ba tare da an gyara komai ba, to misalin bai taɓa ra'in ba. Na biyu, a goge sunan Merton da duk kalmominsa daga sashen daba. Idan bayanin bai rasa komai ba, to ra'in bai yi aikin komai ba. Takardar nan ta kasa cin gwajin duka biyun. Makinta: 4 a bayanin ra'i, ko da yake na yi mata sassauci don ta ambaci cewa matsin daga tsarin al'umma yake fitowa, 2 a sanin misali, domin duk abin da ta faɗa ana jin sa a rediyo kullum, 2 cikin 8 a ɗorawa, saboda jimla ɗaya da ta kira ƙwacen waya ratse, duk da dalilin da ta bayar gajere ne, sifili a iyakar ra'i, 2 a tsari. Jimilla 10, kashi 50 cikin ɗari. A ma'aunin da yawancin jami'o'in Nijeriya ke bi, inda A ke farawa daga 70, B daga 60, C daga 50, wannan C ce ta bakin ƙofa. Ɗalibin zai zo ofis ya ce, "Malam, ai na rubuta komai." Gaskiya ya faɗa. Ya rubuta komai, ban da abin da aka tambaya.

Takarda ta biyu shafi biyu ce da 'yan layuka, Turancinta yana ɗingishi, ta ma rubuta sunan Merton ba daidai ba a wuri ɗaya. Bayanin ra'in sakin layi ɗaya ne, kuma ta manta martani na uku gaba ɗaya. Amma ga abin da ta yi bayan nan. Ta ce: "A unguwarmu saurayi ba a ɗaukar sa babba sai ya yi aure, aure kuma yana buƙatar lefe da sadaki da kuɗin hayar ɗaki. A wurin biki da taro mai kuɗi ake ba kujerar gaba, shi maroƙi yake kira. Yaron gidan mai hali da yaron gidan mara shi duk suna kallon wannan, duk abu ɗaya ake nuna musu. Wannan shi ne burin da Merton yake nufi, domin ba yaron ne ya ƙirƙire shi ba, kuma ba a ware wani gida an ce ban da ku ba." A duba jimlar ƙarshe. Gaɓa ta zo, shaida ta zo, dalili ya zo, kuma dalilin ya taɓo ainihin sharaɗin Merton, cewa burin na kowa ne. Maki biyu cif.

Ta ci gaba da hanyoyi. Ba ta tsaya ga cewa babu aikin yi ba. Ta ce a Kano hanyar arziki da aka fi sani ita ce yaro ya shiga kasuwa ƙarƙashin ubangida, a Kwari ko Sabon Gari ko Singa, ya yi shekaru yana hidima har a sallame shi da jari, kuma wannan ƙofar tana buƙatar wanda zai tsaya maka ya ce ya san gidanku. Yaron da ya bar sakandare bai haɗa takardu ba, kuma ba shi da mai tsaya masa, ƙofar boko da ƙofar kasuwa duk sun rufe masa lokaci ɗaya. Wannan ma maki biyu, domin ta faɗi wace hanya, ta faɗi wa ta toshe wa, ta kuma nuna cewa toshewar ba ta kowa ba ce.

A wuri na uku ne ta yi abin da ya fi burge ni. Ta ƙi ta sa 'yan daba duka a akwati ɗaya. Ta ce ƙwacen waya da karɓar kuɗin jagaliya lokacin zaɓe ratse ne, domin abin da ake nema shi ne kuɗin da kowa ke nema, hanyar ce ta bambanta. Zaman kango ana shan ƙwaya da sholisho daga safe zuwa dare ya fi kama da janye jiki. "Kuma sau da yawa yaro ɗaya ne yake yin duka biyun, yau wannan gobe wancan." Ba ta san ta faɗi abin da Merton ya faɗa ba, wataƙila, amma ta faɗe shi. Maki biyu. Wuri na huɗu, na hasashe, ba ta taɓa shi ba, sifili. Ɗorawa ta tashi 6 cikin 8.

Sai ta rufe da wani abu da ɗalibai da yawa ke tsoron rubutawa, don suna zaton malam zai ɗauka suna ƙaryata littafi. Ta ce akwai abin da ra'in bai kama ba: faɗan unguwa da unguwa, inda ake sare-sare a kan an taka wani ko an raina unguwa, ba a samun ko kwabo, hasali ma asara ake yi ta asibiti da ta beli. Idan kuɗi ne burin, wannan faɗan na mene ne? Ba ta ba da amsa ba, ba ta kuma san cewa masana sun riga ta yin wannan tambayar ba. Albert Cohen a 1955 ya nuna cewa yawancin ɓarnar gungun samari ba ta neman riba ba ce, ta neman girma ce a idon abokai. Cloward da Ohlin a 1960 suka ƙara da cewa ko haramtacciyar hanya ba kowa take buɗe wa ba, kuma inda babu tsararren laifi mai kawo kuɗi, samari kan koma neman suna ta hanyar faɗa. Da ta ambaci ɗaya daga cikinsu da ta cinye maki ukun. Ganin giɓin da idonta, da nuna shi da takamaiman misali, ya ba ta 2. Lissafinta: 3 a ra'i, 3 a misali, 6 a ɗorawa, 2 a iyaka, 1 a tsari. Jimilla 15, kashi 75, A.

Na san malaman da za su ce ba za su ba takarda mai irin wannan Turanci A ba. Ina fahimtar damuwarsu, digiri da Turanci ake bayar da shi. Amma jadawalin ya riga ya ware wa rubutu makinsa, kuma an cire mata ɗaya a can. Cire mata kuma a ɗorawa saboda nahawu hukunci biyu ne a kan laifi ɗaya. Iyakar da zan sa ita ce: idan harshen ya lalace har sai malami ya yi wa ɗalibi cikon ma'ana da kansa, to ba a ba da makin, domin tunanin malamin ne ake dubawa a lokacin, ba na ɗalibin ba.

Takarda ta uku ta san daba fiye da sauran biyun. Ta kawo dangantakarta da 'yan tauri da 'yan farauta, ta kawo yadda jam'iyyu suka riƙa ajiye 'yan banga tun zamanin hamayyar NEPU da NPC a shekarun 1950, ta ambaci hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta yi a 2018. Maki 3 a misali ba gardama. Kuma ta yi ƙoƙarin ɗorawa, ba ta raba ɗaki biyu irin ta farko ba. Matsalar ita ce abin da ta ɗora ba Merton ba ne. Ta ce ra'in yana koyar da cewa talauci ke sa mutum laifi, sannan ta ce 'yan daba masu tawaye ne domin suna faɗa da 'yan sanda. Faɗa da ɗan sanda ba shi ne tawaye a wurin Merton ba. Mai tawaye yana da wani tsari da yake son ya maye gurbin wanda ake kai. Yaron da ya ƙwaci waya ya sayar ya ɗinka shadda don sallah bai ƙi burin al'umma ba, ya rungume shi ne hannu bibbiyu. Wannan kuskuren yana da yawa, kuma asalinsa ɗaukar kalmar ilimi da ma'anarta ta kan titi.

Yaya ake yi da irin wannan? Nan ma a kula da hukunci biyu, amma ta wata fuska. An cire mata 2 a bayanin ra'i saboda ta karkatar da shi. Shin a sake ba ta sifili a ɗorawa? Ni ina duba kowane wuri da kansa. Inda ta nuna toshewar hanyoyi da shaida mai kyau da dalili, wannan gaɓar daidai take ko da ginshiƙin ya karkace, maki biyu. Inda ta kira su masu tawaye, haɗin ya ɓaci daga tushe, babu maki. Buri ba ta ambace shi ba sam, kuma ba abin mamaki ba ne, wanda ya ɗauka talauci ne kaɗai ba ya ganin buƙatar buri. Ta tashi da 2, 3, 2, sifili, 1. Jimilla 8, kashi 40. Da ƙyar ta tsira a jami'ar da makin cinta 40 ne. Abin lura, tsakanin wannan ɗalibi da na farko, wannan ne ya fi sauƙin gyarawa. Hira ta minti goma a kan bambancin talauci da giɓin buri ta isa ta kai shi B a jinga ta gaba, domin ya riga ya iya kai hannu tsakanin ra'i da misali. Na farkon sai an koya masa wani aiki da bai taɓa gwadawa ba.

Wuri na huɗu, na hasashe, babu wanda ya samu a cikin ukun, kuma haka abin yake a yawancin aji. Wasu na cewa a cire shi tunda ba a samu. Ban yarda ba, domin shi ne ke bambanta 15 da 17. Ɗalibin da ya rubuta cewa idan Merton ya yi daidai, ya kamata daba ta fi ƙarfi a birni inda talaka ke kallon dukiya ido da ido kullum, fiye da ƙauyen da ya fi birnin talauci amma kowa kusan ɗaya ne, wannan ɗalibin ya mayar da ra'in abin da za a iya gwadawa a ga ko ya faɗi. Ba sai hasashen ya tabbata ba kafin ya samu makin. Abin da ake so shi ne ya fito daga cikin ra'in ba tare da an tilasta shi ba. Haka wanda ya tambaya me ya sa 'yan mata, waɗanda hanyoyinsu suka fi toshewa, ba su cika daba kamar maza ba, ko wanda ya ce tarbiyyarmu tana cusa haƙuri da wadatar zuci da imanin cewa arziki na Allah ne, don haka sharaɗin Merton na buri ɗaya mai ƙarfi bai zauna a Kano kamar yadda ya zauna a Amurka ba. Waɗannan a sashen iyaka suke, kuma kowannensu ya cancanci maki ukun idan an kawo shaida.

Akwai tambayar shaida da ke damun sababbin malamai. Ɗalibar takarda ta biyu ba ta kawo littafi ko ɗaya a kan daba ba, "a unguwarmu" ta ce. A jingar da ake gwada ɗorawa, ina karɓar abin da ɗalibi ya gani da idonsa, da sharaɗin ya gabatar da shi a matsayin abin da ya gani, kuma ya zama takamaimai. Abin da ba na karɓa shi ne alƙaluman da ba su da uba, irin "kashi tamanin na matasan Kano ba su da aiki," ba a faɗi wa ya ƙirga ba ko yaushe. Irin wannan ba ya ƙara maki, kuma nakan ja masa layi in rubuta "daga ina?" A kundin kammala digiri ma'aunin ya fi haka tsauri, amma wannan wani zance ne.

Sauran kurakuran na malamin ne. Hannu yana canzawa: takardun da aka duba da safe da waɗanda aka duba bayan la'asar ba ma'auni ɗaya suke samu ba, kuma takarda matsakaiciya da ta biyo bayan mummuna takan yi kyau fiye da yadda take. Maganin da na sani shi ne a fara karanta takardu kamar goma ba tare da an sa maki ba, a zaɓi uku, mai kyau da matsakaiciya da mai rauni, a ba su maki da natsuwa, a ajiye su gefe ana komawa gare su duk bayan takardu ashirin ko talatin. Idan malamai biyu ke raba aji ɗaya, su duba waɗannan ukun kowa shi kaɗai sannan su kwatanta. Bambancin maki ɗaya ba komai ba ne. Idan ya kai uku ko huɗu cikin ashirin, kusan kullum a sashen ɗorawa yake, kuma kusan kullum dalilin shi ne ɗaya yana ba da maki don an ambaci kalmar, ɗayan yana jiran dalili.

Sai ra'ayin malami. Wanda ya yi imani cewa daba matsalar tarbiyya ce yakan ji haushin takardar da ta jingina komai ga tsarin al'umma, wanda kuma ya taso a karatun Markisanci yakan yi wa irinta rangwame. Babu ɗaya daga ciki da ke cikin jadawalin. Ɗalibin da ya ɗora ra'in da kyau sannan ya kammala da cewa Merton bai dace da Kano ba sai kaɗan yana iya samun 18, wanda ya yabi ra'in daga farko har ƙarshe yana iya samun 9.

Abin da ake rubutawa a gefen takarda shi ma daga jadawalin yake fitowa. "Ba ka yi nazari sosai ba" ba ya gaya wa ɗalibi abin da zai yi gobe. Ga takarda ta farko, zan ja layi a ƙarƙashin ƙwacen waya in rubuta: "Ka ce wannan ratse ne, to me ya sa ba janye jiki ba ne?" Ga ta uku, a gefen kalmar tawaye: "Wane sabon tsari suke son kafawa? Idan babu, sake duba martani na biyu." Ga ta biyu, a gefen faɗan unguwa: "Nemi abin da Cohen da Cloward da Ohlin suka ce, sun yi wannan tambayar taki." Inda kuma maki ya tsaya a 13 da rabi, tsakanin B da A, ba na ƙarasa shi don tausayi ko don tsabtar rubutu. Nakan koma sashen ɗorawa in ƙirga wuraren da gaɓa da shaida da dalili suka cika. Idan sun kai uku cikin huɗu, takardar ta haura zuwa 14. Idan biyu ne, ta zauna a 13.